Me ya sa wasu saƙonnin imel suke faɗawa tsohon akwati bayan an sauya rikodin MX?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin kamfani a Kano. Mako uku da suka wuce muka mayar da imel ɗinmu zuwa Google Workspace. Na sa MX ɗinsu, wato rikodin da ke nuna sabar da za a kai wa saƙo, da lamba 1, na bar na tsohon kamfanin hostin ɗinmu da lamba 10 don ya zama madadi. Yawancin saƙonni suna shiga sabon wuri, amma jefi-jefi wasu suna faɗawa tsohon akwati, saƙon fom ɗin shafinmu kuwa ko ɗaya bai taɓa zuwa sabon ba. In na ɗaga 10 ɗin zuwa 100, zai daina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba zai daina ba, ko da ka kai lambar 65535, wadda ita ce iyakar abin da gurbin yake ɗauka. Sabar da ke aiko muku da saƙo ba ta duba tazarar da ke tsakanin lambobin, abin da take dubawa shi ne wacce ce ƙarama. Saboda haka 1 da 10 daidai suke a wurinta da 1 da 100, kamar yadda suke daidai da 5 da 6. Maganin shi ne ka cire tsohon rikodin gaba ɗaya, sannan ka gyara wani saiti guda a tsohuwar sabar, kuma jerin yadda za ka yi waɗannan biyun yana da muhimmanci, domin in ka fara da na biyu za ka yi asarar saƙonni na wasu sa'o'i. Amma kafin gyaran ya kamata ka ga hanyar da saƙo yake bi, don ka iya tabbatar da dalilin da idonka.

Mu ɗauka sunan domen ɗinku example.com ne. Abin da ke cikin DNS ɗinku yanzu ya yi kama da wannan:

```
example.com.  14400  IN  MX  1   smtp.google.com.
example.com.  14400  IN  MX  10  mail.example.com.
```

Idan wani abokin cinikinku a Legas ya rubuta wa ciniki@example.com ya danna aikawa, wayarsa ba ta neman MX ɗinku ko kaɗan. Tana miƙa saƙon ga sabar kamfanin imel ɗinsa, ita ce za ta yi sauran aikin. Wannan sabar tana yanke abin da ke bayan alamar @, ta tambayi DNS rikodin MX na example.com, sai a ba ta layukan nan biyu. Tana jera su daga ƙaramar lamba zuwa babba, ta ɗauki na farko, ta sake tambayar DNS adireshin IP na wannan suna, sannan ta ƙwanƙwasa ƙofa ta 25 ta wannan adireshin. Idan aka amsa mata, ta gabatar da kanta, ta faɗi mai aikowa, ta faɗi wanda ake aika wa, ta zuba saƙon, aka ce mata 250, to aikinta ya ƙare, kuma ba za ta waiwayi layi na biyu ba. Wannan shi ne abin da ke faruwa da yawancin saƙonninku, shi ya sa suke isa Google lafiya.

Ka lura da abu ɗaya a nan, domin a kansa duk matsalarka ta ratayu. A lokacin da sabar take zaɓen inda za ta ƙwanƙwasa, ba ta san komai ba game da akwatunan da ke kowane wuri. Kalmar ciniki da ke gaban alamar @ ba ta shiga cikin zaɓen ba. Rikodin MX na domen ne baki ɗaya, kuma ma'anar sa layuka biyu ita ce kana shaida wa duniya cewa duk wadda aka miƙa wa saƙo a cikin sabobin nan biyu, saƙon zai ƙare a akwati guda. Ƙa'idar ta ginu a kan wannan alkawari tun lokacin da aka shigo da MX a watan Janairu na 1986 cikin takardar ƙa'ida mai suna RFC 974, ya maye gurbin tsofaffin rikodi biyu da ake kira MD da MF, kuma haka take har a RFC 5321 ta 2008 wadda ake aiki da ita yau. A naku tsarin alkawarin bai cika ba, domin tsohuwar sabar har yanzu tana ganin ita ce gidan ƙarshe na example.com. Duk saƙon da ya iso gare ta sai ta zuba shi a akwatinta ta rufe, ba ta tura wa kowa.

Saura tambayar me ke kai saƙo gare ta alhali Google na nan daram. Sabar mai aikowa tana sauka zuwa lamba ta gaba ne idan ta kasa miƙa saƙo ga ta farko, kuma wannan kasawa ba ta nufin Google ta faɗi. Yana iya zama hanyar intanet tsakanin sabar mai aikowa da Google ce ta katse na 'yan daƙiƙu. Postfix, wadda tana cikin manhajojin aika imel da aka fi amfani da su, tana jiran daƙiƙa 30 kacal a saitinta na asali kafin ta ɗauka cewa ba za a amsa ba ta wuce gaba. Yana iya zama kuma Google ta amsa, amma ta ce a dakata. Amsoshin SMTP da suka fara da lamba 4 na wucin gadi ne, ma'anarsu a sake gwadawa an jima, waɗanda suka fara da 5 kuma na dindindin ne. Google takan ba da 421 ga sabar da ta ga tana kwararo saƙonni da yawa ko wadda sunanta ya ɗan ɓaci, kuma wannan yana yawan samun sabobin hostin na haɗaka, inda ɗaruruwan shafuka ke aikawa ta adireshi guda. Manhajoji sun ɗan bambanta kan abin da suke yi idan aka ce musu a dakata, amma da yawa, har da Postfix, suna juyawa nan take su gwada lamba ta gaba. Can kuwa tsohuwar sabarku tana tsaye ƙofa a buɗe, ta karɓa ta ce 250. Mai aikowa ya yi komai bisa ƙa'ida, littafin sabarsa ya rubuta cewa an isar, ku kuma ba ku ga komai ba.

Da babu layi na biyun, ga abin da zai faru: sabar mai aikowa za ta ajiye saƙon a layinta, ta sake gwadawa bayan wasu mintuna, ta ci gaba da haka. RFC 5321 ta ce bai kamata a fid da rai ba sai an yi aƙalla kwana huɗu zuwa biyar ana gwadawa, kuma saitin asali na Postfix kwana 5 ne. Wato saƙon zai makara da minti goma ko rabin sa'a, ya shiga inda kuke dubawa. Madadin da ka sa da kyakkyawar niyya shi ya mayar da ɗan jinkiri ya zama ɓacewa.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma ina so ka bincika shi yau. Idan kun ɗauki sabon ma'aikaci bayan ƙaurar, kuka buɗe masa adireshi a Google kaɗai, tsohuwar sabar ba ta san da shi ba. Ranar da saƙonsa ya gangara gare ta, za ta amsa da 550, cewa babu mai wannan suna a nan. Amsar 550 a kan mai karɓa hukunci ne na ƙarshe. Sabar mai aikowa ba za ta koma Google ta sake tambaya ba, ba za ta ajiye saƙon a layi ba, za ta mayar wa mai shi da sanarwar cewa adireshin babu shi. Abokin cinikin da ya ga haka zai ɗauka an ba shi adireshin da ba daidai ba, ko kuma ma'aikacin ya bar aiki. Mutane da yawa suna zaton jerin MX yana aiki kamar mai neman wani a unguwa, in ba a same shi a gidan farko ba a tambayi na biyu. Ba haka yake ba. Ana wucewa gida na gaba ne kawai idan ba a buɗe ƙofa ba ko aka ce a dawo an jima. In an buɗe aka ce babu shi, an gama. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a iya raba ma'aikata tsakanin kamfanonin imel biyu ta hanyar lambobin MX, a ce manya suna can ƙanana suna nan. Mai son irin wannan rabo sai ya sa saba ɗaya ta karɓi komai, ita kuma ta tura wa ɗayar abin da ba nata ba.

Hanya ta biyu da saƙo ke bi ya isa tsohuwar sabar ita ce ta masu aiko da saƙonnin banza da na damfara. Su ba su ɗaure kansu da ƙa'ida ba, kuma sun daɗe da gane cewa saba mai babbar lamba yawanci matatarta ta fi rauni, don haka wasunsu da gangan suke farawa daga ƙasan jeri. Idan ka buɗe tsohon akwatin ka tarar tarkace sun fi saƙonnin kirki yawa, wannan ne. Ɗaga lambar zuwa 100 ba zai kore su ba, tunda babbar lambar ce ma suke nema.

Maganar fom ɗin shafinku daban take, kuma babu ruwanta da lambar fifiko sam. Shafinku yana zaune a kan tsohuwar sabar, kuma ita ce ke aika saƙon fom ɗin. Kafin kowace sabar imel ta tambayi DNS, tana fara duba wani jeri nata na cikin gida: shin wannan domen nawa ne? Idan example.com yana cikin jerin, ba ta neman MX, tana jefa saƙon cikin akwatin da ke jikinta kai tsaye. Shi ya sa ka ce ko ɗaya bai taɓa zuwa ba, saɓanin sauran da suke ɓacewa jefi-jefi. Bambancin nan tsakanin kullum da jefi-jefi shi ne alamar farko da nake nema idan aka kawo mini irin wannan ƙorafi. Kuma ba fom ɗinku kaɗai abin ya shafa ba. Duk wani kamfani da shafinsa ke kan wannan sabar ta haɗaka, in ya rubuto muku ta cikinta, saƙonsa tsohon akwati zai faɗa. Na taɓa bin sawun irin wannan a wata makaranta, inda takardun kuɗi daga mai kawo musu kayan rubutu suka yi wata biyu suna taruwa a akwatin da ba mai buɗewa, kowane ɓangare yana zargin ɗaya da sakaci, ashe shafukansu biyu a saba guda suke.

Yanzu ga yadda za ka tabbatar da duk wannan. Ka fara da ganin abin da duniya ke gani, domin abin da ke kan allon saitinka ba lallai ne shi ne ke aiki ba:

```
dig example.com NS +short
dig example.com MX +short
```

A kan Windows, `nslookup -type=mx example.com` zai ba ka amsa iri ɗaya da ta umarni na biyu. Umarni na farko yana nuna sabobin DNS masu iko da domen ɗin. Yana da amfani domin sau da yawa mutum yana da wurare biyu ko uku da zai iya rubuta rikodi, wato wurin wanda ya yi masa rajistar sunan, da cPanel na mai hostin, da wataƙila Cloudflare, amma ɗaya ne kaɗai ake saurara, shi ne wanda NS ya nuna. Tunda yawancin saƙonninku suna isa Google, na san ka rubuta a wurin da ya dace, sai dai ka tabbatar can ɗin za ka yi gogewar.

Bayan haka ka buɗe tsohon akwatin, ka zaɓi saƙonni uku ko huɗu da suka shigo bayan ƙaurar, ka buɗe cikakken kan kowanne, inda layukan `Received:` suke. Kowace saba da saƙo ya ratsa tana ƙara nata layin a sama, don haka ana karanta su daga ƙasa zuwa sama, kuma na can sama su ne na tsohuwar sabarku. Sabobin cPanel suna aiki da manhajar Exim, kuma Exim tana rubuta hanyar da saƙo ya shigo mata. A saƙon fom za ka ga wani abu kamar haka:

```
Received: from exampleco by server1.example.net with local (Exim 4.96)
```

Kalmomin `with local` suna nufin saƙon a cikin sabar aka haife shi, bai taɓa fita intanet ba. Idan fom ɗin yana shiga da sunan mai amfani da kalmar sirri kafin ya aika, za ka ga `esmtpa` ko `esmtpsa` a maimakon haka, harafin a na ƙarshe yana nuna an tantance mai aikowa, amma ma'anar ɗaya ce. A saƙon da ya zo daga waje kuwa za ka ga `with esmtps` tare da suna da adireshin IP na sabar da ta kawo shi. Idan sunan na sabar wani kamfani ne da ka sani, to saƙo ne na gaskiya da ya gangaro daga lamba 1 zuwa lamba 10. Kana iya roƙon mai kula da sabarsu ya duba littafinta a daidai wannan lokaci, zai tarar da layi biyu a jere: yunƙuri na farko zuwa Google da ya ƙare da 421 ko da ƙarewar lokacin jira, sai na biyu zuwa mail.example.com da ya ƙare da 250.

Wani zai ce maka wai DNS ne bai gama yaɗuwa ba. A mako uku wannan ba hujja ba ce. Lambar 14400 da ke cikin layukan ita ce TTL, wato daƙiƙun da aka yarda wata saba ta riƙe amsar a ajiyarta kafin ta sake tambaya, kuma 14400 sa'a huɗu ce. Wanda ya tambaya minti ɗaya kafin ka yi sauyi zai ci gaba da aiki da tsohuwar amsa har sa'a huɗu, daga nan ya ɗauki sabuwa. Akan sami 'yan sabobi masu riƙewa fiye da yadda aka ce, amma ba na makonni ba.

Gyaran yana da mataki uku, kuma ka bi su a jere. Da farko ka goge layin da ke da lamba 10, ka bar na Google shi kaɗai. Kada ka ji tsoron layi ɗaya. Sunan smtp.google.com yana fassaruwa zuwa adireshi fiye da ɗaya, kuma madadin yana bayan sunan, a hannunsu. Kafin 2023 Google tana ba da layuka biyar, aspmx.l.google.com da lamba 1, sai alt1 da alt2 da lamba 5, sai alt3 da alt4 da lamba 10, kuma waɗanda suka saita haka har yanzu yana musu aiki. Wannan tsohon jeri misali ne mai kyau na yadda ake amfani da lambobin daidai: duka biyar ɗin ƙofofi ne na gida guda. Yana kuma nuna abin da lambobi masu kunnen doki suke yi, domin idan layuka biyu suka zo da lamba ɗaya, ƙa'ida ta ce mai aikowa ya zaɓa tsakaninsu ba tare da tsari ba, don nauyi ya rabu. Da a ce ka ba tsohuwar sabar lamba 1 ita ma, da kusan rabin saƙonninku ne suke can.

Ka kiyaye kada a sami lokacin da domen ɗin ba shi da MX ko ɗaya, ko da na minti biyar ne kana cikin gyara. Idan babu MX sam, ƙa'ida ta ce a ɗauki rikodin A ko AAAA na domen ɗin kansa, wato mai ɗauke da adireshin IP ɗinsa, tamkar MX mai lamba 0, kuma rikodin A na example.com yana nuna sabar shafinku, wato tsohuwar sabar da kake gudu. Amsar cewa babu MX ma ana riƙe ta a ajiya na wani lokaci, don haka kuskuren minti biyar yana iya bin ka fiye da minti biyar. Muddin akwai MX ko guda ɗaya, ba a komawa kan rikodin A, ko da sabar da MX ɗin ya nuna ba ta amsawa.

Mataki na biyu haƙuri ne. Ka jira TTL ya cika, sa'a huɗu a misalinmu, ni nakan bar shi ya kwana. A wannan tsakanin kada ka taɓa komai a tsohuwar sabar.

Mataki na uku shi ne ka shiga cPanel, ka buɗe `Email Routing`, ka zaɓi domen ɗin, ka mayar da shi daga `Local Mail Exchanger` zuwa `Remote Mail Exchanger`. Wannan yana cire example.com daga jerin domen na gida, sai sabar ta koma tambayar DNS kamar kowa, saƙon fom ya kama hanyar Google. Dalilin da ya sa na ce kada ka fara da wannan shi ne, da zarar ka sauya, tsohuwar sabar za ta daina karɓar saƙon example.com daga baƙi, za ta amsa musu da 550 cewa ba ta yin dillancin saƙo. Idan a lokacin layin lamba 10 yana nan, ko yana cikin ajiyar wasu sabobi, duk saƙon da ya gangaro zai koma wa mai shi, alhali a da ko ba komai yana faɗawa akwatin da za ka iya buɗewa. Akwai zaɓin `Automatically Detect Configuration` a wurin, amma ni na fi son a zaɓa da hannu, don kowa ya ga abin da aka nufa.

Bayan mataki na uku ka gwada fom ɗin, kuma ka duba har cikin akwatin saƙonnin banza na Google. Yanzu saƙon yana zuwa musu daga waje yana cewa shi daga example.com yake, don haka za su duba rikodin SPF ɗinku su ga ko an yarda wa wannan sabar ta yi magana da sunanku. In adireshinta ba ya ciki, ko dai ka ƙara shi, ko ka saita fom ɗin ya riƙa aikawa ta asusun Google da tantancewa. Tsofaffin akwatunan kuma kada ka goge su sai ka kwashe abin da ya taru cikinsu a makonni ukun nan, ka kuma zagaya wayoyin ma'aikata, domin MX ba ya sauya inda waya ke karanta saƙo ko inda take aikawa. Wayar da har yanzu take aikawa ta mail.example.com, kafin gyaran nan duk saƙon da ta aika wa abokin aiki tsohon akwati ya shiga.

Da yake niyyarka ta asali madadi ce, ya dace in faɗi yadda madadi na gaskiya yake. Saba ce da aka saita ta san cewa ita ba gidan ƙarshe ba ce. Tana karɓar saƙo, ta ajiye a layinta, ta riƙa gwada babbar sabar har ta dawo, sannan ta miƙa mata. A nan ne lambar fifiko take yin aikinta na biyu, wanda mutane ba su cika sani ba. Idan madadin ta tashi turawa, ita ma tana tambayar MX, sai ta ga sunanta a cikin jerin, kuma ƙa'ida ta wajabta mata ta watsar da nata layin da duk wani mai lamba daidai da tata ko sama da ita, ta tura wa masu ƙaramar lamba kaɗai. Wannan ne ke hana saƙo ya yi ta kewayawa tsakanin sabobi. Idan ta watsar ta ga babu wanda ya rage, wato ita ce mai ƙaramar lamba amma ba a gaya mata domen ɗin nata ne ba, sai ta mayar da saƙon da kuskure, wanda a Postfix ake gane shi da kalmomin `loops back to myself`.

Madadi irin wannan yana da nauyi. Dole ta san jerin duk adireshin da ke akwai, in ba haka ba za ta karɓi saƙon sunayen da babu su, babbar sabar ta ƙi su daga baya, ita kuma ta shiga aika sanarwar dawowa ga adireshin ƙarya da 'yan damfara suka rubuta, har sunanta ya shiga jerin sabobin da ake toshewa. Dole kuma matatarta ta yi ƙarfi kamar ta babbar. A ganina tana da amfani ne ga wanda sabar imel ɗinsa ke cikin ofishinsa, inda ɗaukewar wuta ko yankewar layin intanet kan iya ɗaukar kwanaki, kuma yana so saƙonni su taru a hannunsa, a wurin da shi zai yanke tsawon jiran. Ga wanda imel ɗinsa ke hannun babban kamfani mai sabobi a wurare da yawa, layin jiran masu aikowa ya wadatar.

Tunda za ka buɗe shafin rikodin, ka duba abubuwa uku ƙanana a layin da zai rage. Abin da ke gefen dama dole ya zama suna, ba adireshin IP ba, kuma sunan ya kasance yana da rikodin A ko AAAA nasa, domin RFC 2181 ta hana MX ya nuna sunan da yake CNAME ne, wato laƙabin wani suna, ko da yake wasu sabobi suna kau da kai su isar. Sannan ka kula da ɗigon ƙarshen suna. A wasu allunan saiti, in ka rubuta smtp.google.com babu ɗigo a ƙarshe, sai a liƙa masa sunan domen ɗinka ya zama smtp.google.com.example.com, sunan da babu shi, kuma `dig` zai nuna maka hakan nan take. Na uku, MX na example.com bai shafi ƙananan sunaye da ke ƙarƙashinsa ba. Idan kuna da adireshi irin oda@kano.example.com, wannan sunan yana buƙatar nasa MX, in ba haka ba saƙonsa zai bi rikodin A nasa, kuma akwai yiwuwar shi ma tsohuwar sabar yake nunawa.

Idan ka gama, ka aika gwaji daga wurare uku: daga wani asusun imel na waje, daga fom ɗin shafin, da kuma daga wayar ma'aikacin da ya fi daɗewa a kamfanin. Ka buɗe kan kowane saƙo a Google ka karanta layukan `Received:` ɗinsa, sannan ka ci gaba da leƙa tsohon akwatin kullum har mako guda. In wani abu ya sake faɗawa ciki bayan haka, ka turo mini layukan `Received:` na saman saƙon, ka rufe adireshin mutane, mu duba ta inda ya shigo.